Sayin da kosayin na sanannun kwanoni: yadda ake karanta su a jikin da'ira ba tare da hadda ba

Tambayar da ke kayar da ɗalibai da yawa a jarrabawar lissafi ta WAEC ko NECO ita ce wadda aka ce a nemo cos 210° ko sin 315° ba tare da kalkuleta ko littafin tebur ba, a kuma bar amsar da alamar √ a jikinta. Yawanci ɗalibi ya haddace jadawalin 30°, 45° da 60°, amma da zarar kwana ta wuce digiri 90 sai hadda ta ƙare, a koma canki-canka: wannan rabi ne ko √3/2? Da alamar debewa ko babu? Alhali duk amsoshin nan suna zaune a jikin zane guda, kuma alwatika biyu kacal suka haife su.

Zanen shi ne da'ira wadda tsawon daga tsakiyarta zuwa bakinta 1 ne. Ba santimita ɗaya ake nufi ba, kowane tsawo ka zaɓa ka kira shi 1 ya yi. Ka ja layi a kwance ya ratsa tsakiyar, shi ne layin x, ka ja wani a tsaye, shi ne layin y. Awon kwana yana farawa ne daga hannun dama na layin kwance, a zaga saɓanin tafiyar hannun agogo, wato yadda masu ɗawafi ke zagawa, tsakiya tana hagunsu. Idan ka zaga kwana θ ka tsaya a bakin da'irar, inda ka tsaya yana da lambobi biyu: nisan da ka yi dama ko hagu daga layin tsaye, da nisan da ka yi sama ko ƙasa daga layin kwance. Na farkon shi ne kosayin, na biyun shi ne sayin. A rubuce, wurin shi ne (cos θ, sin θ).

Wannan bai saɓa wa abin da aka fara koya maka ba, cewa sayin shi ne gefen da ke fuskantar kwana a raba da dogon gefe. Ka sauko da layi daga inda ka tsaya zuwa layin kwance, ga alwatika mai kwanar digiri 90 ta fito, kuma dogon gefenta shi ne layin da ya taso daga tsakiya, tsawonsa 1. Raba abu da 1 ba ya canza shi, don haka tsayin alwatikar shi ne sayin kai tsaye, gindinta kuma kosayin. Ribar da'irar ita ce ba ta tsaya a digiri 90 ba. Alwatika mai kwanar digiri 90 ba za ta ɗauki kwana mai digiri 210 ba, amma a bakin da'ira akwai wurin da 210° ke tsayawa, kuma wurin yana da dama ko hagu, yana da sama ko ƙasa.

Kwanoni huɗu ba sa bukatar wani lissafi. A 0° kana can ƙarshen dama, wato (1, 0). A 90° kana ƙololuwa, (0, 1). A 180° kana ƙarshen hagu, (−1, 0), a 270° kuma kana can ƙasa, (0, −1). Wanda ya tambaye ka cos 180° yana tambaya ne ina kake ta fuskar dama da hagu, amsa kuwa −1.

Sai 45°, wadda ke tsakiyar 0° da 90° daidai. Nisan da ka yi dama daidai yake da nisan da ka yi sama, saboda alwatikar tana da kwana biyu masu digiri 45, gefunanta biyu kuwa dole su zo ɗaya. Kira kowanne a. Ƙa'idar Fitagoras ta ce a² + a² = 1, wato a² = 1/2, sai a = 1/√2. Idan ka ninka sama da ƙasa da √2 za ka samu √2/2, kimanin 0.7071. Wani littafi zai rubuta 1/√2, wani √2/2, lamba ɗaya ce, kada ganin su a zaɓin amsa ya ruɗa ka.

Kwanonin 30° da 60° kuwa gara ka gan su da hannunka. Ɗauki takardar giraf da kamfas, ka buɗe shi santimita 10, ka zana da'ira. Kada ka taɓa buɗin kamfas ɗin. Ɗora tsininsa a ƙarshen dama na da'irar, inda 0° take, ka yi ɗan zane ya yanki bakin da'irar ta sama. Yanzu kana da wurare uku: tsakiya, ƙarshen dama, da wannan sabon wuri. Tsakanin kowane biyu daga cikinsu santimita 10 ne, saboda buɗin kamfas ɗaya ne ya auna su. Alwatika mai gefe uku daidai ke nan, kuma kowace kwana a cikinta digiri 60 ce. Sauko da layi daga sabon wurin zuwa layin kwance, za ka ga ya faɗi a kan santimita 5 cif, tsakiyar gindin. Ke nan cos 60° = 1/2. Tsayin kuma Fitagoras ne zai ba ka: (1/2)² + y² = 1, y² = 3/4, y = √3/2, kimanin 0.8660. Ka sa rula ka auna, za ka samu kusan santimita 8.7.

Kwanar 30° alwatikar nan ce dai aka kwantar da ita. Abin da yake tsayi ya koma gindi, abin da yake gindi ya koma tsayi. Don haka a 30° kana (√3/2, 1/2), a 60° kana (1/2, √3/2).

A nan ne musanya ke yawan faruwa, kuma ido ne maganinta. A 30° ba ka yi nisa da layin kwance ba, kana can dama sosai, ka ɗan ɗaga sama kaɗan. Babbar lamba, 0.866, dole ta dama ce, ƙarama, 0.5, ta sama. A 60° ka kusa ƙololuwa, babbar lamba ta koma ta sama. Duk wanda ya rubuta sin 60° = 1/2 yana cewa ne mutumin da ya ci kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa ƙololuwa rabin tsayi kawai ya hau, kuma zane ba zai yarda da haka ba.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki a nan. Tunda 45° ce rabin 90°, da yawa suna tsammanin sayin ɗinta ne zai zama rabi. Ba haka ba ne, domin hawa a bakin da'ira ba ya tafiya bai ɗaya. Digiri 30 na farko suna ɗaga ka 0.5, saboda a lokacin kusan a miƙe kake hawa. Digiri 30 na biyu suna ƙara maka kimanin 0.366. Na ukun kuwa 0.134 kawai suke ƙarawa, domin a kusa da ƙololuwa tafiyar ta kusa zama a kwance. Shi ya sa sin 60° ba ninkin sin 30° ba ne, kuma ba a raba kwana biyu a ce an raba sayin ɗinta biyu.

Wasu malamai suna ba da dabarar jera lambobi: √0/2, √1/2, √2/2, √3/2, √4/2, su ne sayin na 0°, 30°, 45°, 60° da 90°, kosayin kuma a karanta daga baya zuwa gaba. Dabarar daidai ce, kuma tana da amfani a minti na farko na jarrabawa, ka rubuta ta a gefen takarda. Amma ba ta faɗa maka dalili, kuma kada ka ɗauka wani tsari ne da zai ci gaba zuwa wasu kwanoni. Dacewa ce ta waɗannan biyar kawai.

Yanzu ga abin da ke bayan digiri 90. Layukan biyu sun raba da'irar rubu'i huɗu. Da za ka naɗe takardar a kan layin tsaye, rabin dama zai hau kan rabin hagu daidai. Haka in ka naɗe a kan layin kwance. Ma'anar wannan ita ce kowane wuri a rubu'i na farko yana da 'yan'uwa uku a sauran, nisansu da layukan ɗaya ne, ɓangare ne kawai ya bambanta. 'Yan'uwan 30° su ne 150°, 210° da 330°. Na 45° su ne 135°, 225° da 315°. Na 60° kuwa 120°, 240° da 300°. Saboda haka tambaya biyu ce kake amsawa kowane lokaci, kuma kowace daban: mene ne girman lambar, sannan mece ce alamarta. Yawancin kurakurai suna zuwa ne daga ƙoƙarin amsa su a numfashi ɗaya.

Girman lamba yana fitowa daga tazarar da ke tsakanin inda ka tsaya da layin kwance mafi kusa, wato 0°, 180° ko 360°. Alama kuma tana fitowa daga ɓangaren da kake: hagu yana sa wa kosayin alamar debewa, ƙasa yana sa wa sayin.

Mu ɗauki 210°. Ka wuce 180° da digiri 30, don haka kana hagu, ka ɗan gangara ƙasa da layin kwance. Tazararka 30° ce, lambobinka ke nan √3/2 da 1/2. Tunda kana kusa da layin kwance, babbar ita ce ta hagu, ƙaramar ta ƙasa. Kana hagu, kana ƙasa, duka biyun za su ɗauki debewa: cos 210° = −√3/2, sin 210° = −1/2. Idan 300° ce, saura digiri 60 ka cika zagaye, tazara 60° ke nan. Kana dama, kana ƙasa sosai: cos 300° = 1/2, sin 300° = −√3/2.

Kwanar da ta fi cin mutane ita ce 120°. Ɗalibi zai ce ai 90° ce da ƙarin 30°, sai ya rubuta sin 120° = sin 30° = 1/2. Ya auna tazara daga layin tsaye ke nan, ba daga na kwance ba. Dubi zanen: a 120° ka ɗan gota ƙololuwa ne, har yanzu kana can sama, tsayinka ba zai zama rabi ba. Tazararka da 180° ita ce 60°, don haka sin 120° = √3/2, cos 120° = −1/2. Ana iya aunawa daga layin tsaye, amma sai an musanya sayin da kosayin, kuma wannan musanyar ce ake mantawa. Ni dai shawarata ita ce ka riƙe layin kwance kawai. Wannan kuskuren ba ya bayyana a 135° ko 225°, domin a can lambobin biyu ɗaya ne, ko ta ina ka auna amsa za ta fito. Shi ya sa mutum kan daɗe yana yin sa bai sani ba.

Game da haruffan da ake haddacewa don tuna wane rubu'i ne ke da wace alama, ban ga bukatarsu ba ga wanda ya san kosayin dama da hagu ne, sayin kuma sama da ƙasa. Ƙaramar da'ira da biro a gefen takarda ta isa.

Kwanar da ta wuce 360° zagaye ne aka ƙara, sai ka cire 360 har ta dawo gida. Kwana mai alamar debewa kuma zagawa ce ta ɗaya hannun, yadda agogo ke tafiya: −60° tana tsayawa inda 300° take tsayawa.

Ga tambaya irin ta jarrabawa da ta haɗa duka: a nemo sin 840° × cos 210° + cos 225° × sin 315°. Fara da 840°. Zagaye biyu 720° ne, saura 120°, mun kuwa ga sin 120° = √3/2. Mun riga mun samu cos 210° = −√3/2. Ninka su: √3 sau √3 ya ba da 3, 2 sau 2 ya ba da 4, alamar debewa ɗaya ce, don haka −3/4. Sai 225°, wadda ta wuce 180° da digiri 45, tana hagu, cos 225° = −√2/2. Ita kuma 315° saura digiri 45 ta cika, tana ƙasa, sin 315° = −√2/2. Debewa biyu in an ninka su suna kashe juna, √2 sau √2 ya ba da 2, a kan 4, wato 1/2. Haɗa: −3/4 + 1/2 = −1/4. Wanda ya yi kuskuren 120° ɗin nan zai ƙare da 1/2 − √3/4, kuma tunda amsar tana da √ a jiki sai ta yi masa kama da ta gaske.

Lura da yadda alamun √ suka narke suka bar −1/4 tsaf. Wannan shi ne dalilin da ake nacewa a kan ainihin lamba. Da ka yi aiki da 0.87 da 0.71, da ka samu −0.7569 + 0.5041 = −0.2528, kusa da amsa amma ba ita ba, kuma babu abin da zai nuna maka cewa rubu'i ne cif a ɓoye. Lambobin √2 da √3 ba su da ƙarshe in an rubuta su da ɗigo, duk inda ka yanke ka yar da wani abu.

Akwai gwajin da ke kama wasu kurakurai: duk wurin da ke bakin da'irar dole x² + y² ya ba da 1. In ka rubuta (−1/2, √2/2) a matsayin wata kwana, 1/4 + 1/2 ya ba da 3/4, ka san ka gauraya lambobin alwatika biyu. Sai dai gwajin ba ya ganin musanya kuma ba ya ganin alama, domin ninka lamba da kanta yana haɗiye debewa. Waɗannan zane ne kawai ke kama su.

A manyan azuzuwa ana barin digiri a koma radiyan, inda kwana take zama tsawon tafiyar da ka yi a bakin da'irar. Zagaye ɗaya 2π ne, rabinsa π, wato 180°. Daga nan π/6 ita ce 30°, π/4 ita ce 45°, π/3 ita ce 60°. Ba sai ka mayar da kowace zuwa digiri ba. In an rage lambar iyakar raguwa, ta ƙasa tana gaya maka dangin kwanar: 6 dangin 30°, 4 dangin 45°, 3 dangin 60°. Ta sama kuma tana gaya maka ɓangare. Ɗauki 5π/6: cikakken π shi ne 6π/6, saura taki ɗaya ka kai, don haka kana hagu, kana sama, wato (−√3/2, 1/2). Ita kuwa 7π/4 saura taki ɗaya ta kai 8π/4, cikakken zagaye, tana dama tana ƙasa, (√2/2, −√2/2). A kula da sharaɗin ragewa: 2π/6 tana da 6 a ƙasa amma π/3 ce, dangin 60°.

Kalkuleta ma tana da nata tarkon a nan. In an bar ta a kan RAD ka danna sin 30, za ta ba ka kimanin −0.988, domin ta ɗauka radiyan 30 kake nufi, kusan zagaye biyar. Kafin ka fara kowane aiki danna sin 30. In ba 0.5 ta nuna ba, mayar da ita DEG. Kwamfuta ma ba ta riƙe π dukanta, ga abin da Python, wani harshen rubuta shirin kwamfuta, ke bayarwa:

```python
import math
print(math.sin(math.pi / 6))
print(math.sin(math.pi))
```

Layi na farko yana fitar da `0.49999999999999994`, na biyu `1.2246467991473532e-16`, wato lamba ƙanƙanuwa ƙwarai amma ba sifiri ba. Wanda ya san da'irar ya san rabi ne da sifiri, kuma ba zai rubuta shirin da ke jiran amsa ta zo daidai da 0.5 cif ba.

Ana kuma juya tambayar: an ba ka sin θ = 1/2, a nemo θ tsakanin 0° da 360°. Kalkuleta za ta ce 30° ta yi shiru. Amma ja layi a kwance a tsayin rabi, za ka ga ya yanki da'irar wuri biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, 30° da 150°. Haka cos θ = −1/2 layi ne a tsaye a ɓangaren hagu, yana yanka a sama da ƙasa, 120° da 240°. Rabin maki kan tafi a kan amsa ta biyun da aka manta. Wuri ɗaya ake samu kawai in lambar 1 ce ko −1, inda layin ke shafar bakin da'irar bai ratsa ta ba.

Wannan hanya tana da iyaka. Kwanonin da da'irar ke ba ka kai tsaye 16 ne a zagaye ɗaya: huɗu na kan layuka da dangi uku masu huɗu-huɗu. Wasu kwanonin suna da ainihin lamba amma sai an nemo ta da wata ƙa'ida. Misali 15° ita ce 45° a cire 30°, kuma ƙa'idar bambancin kwanoni tana ba da sin 15° = (√6 − √2)/4, kimanin 0.2588. Daga siffa mai gefe biyar daidai ake samun sin 18° = (√5 − 1)/4, kimanin 0.3090. Lambobi masu sauƙi irin rabi ba su da yawa ko kaɗan: sakamakon da ake dangantawa da Ivan Niven, wanda ya zo a littafinsa na 1956, ya nuna cewa in kwana cikakkun digiri ce ko wani kaso nasu, sayin ɗinta ba ya zama lambar da za a rubuta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba sai in ya kasance 0, rabi ko 1, da alamar debewa ko babu.

Kwanar 20° kuwa, duk da kamar sauƙi gare ta tunda sulusin 60° ce, ba a iya rubuta kosayin ɗinta da alamar √ irin wannan ko sau nawa aka jera ta. Lambar tana warware 8x³ − 6x − 1 = 0, kuma aikin Pierre Wantzel na 1837 ya tabbatar da cewa irin wannan ba a zana shi da kamfas da miƙaƙƙen layi kawai. A cikin kwanoni masu cikakkun digiri, waɗanda 3 ke raba su ba saura ne kaɗai ake iya zanawa haka. In tambaya ta kawo 20° ko 40° ta ce kada a taɓa kalkuleta, to akwai wata ƙa'ida da za ta sa su kashe juna ko su haɗu su koma 60°, ita za ka nema.